Ruwan titi daban, ruwan bututu daban: ku karanta takardar inshora kafin damina

Ƙannena masu buɗe shago a Kasuwar Dole ko Sabon Gari a Damagaram, kuskuren da mu na gaba muka yi ta tafkawa shi ne ganin kalmar ruwa a takardar inshora mu ɗauka kowane ruwa ake nufi. Kamfani ba ya fara duba yawan ɓarna, tambayarsa ta farko ita ce daga ina ruwan ya fito, kuma ta ina ya shigo.

Takardunmu da Faransanci ake rubuta su. Sashen da ake yi wa take da "dégâts des eaux" ya shafi ruwan cikin ginin kansa: bututu ya fashe, tankin saman rufi ya cika ya tumbatsa, ko an bar famfo a buɗe lokacin da aka ɗauke ruwa, ya dawo cikin dare. Wannan na ƙarshe kowane Badamagare ya san shi. Ambaliya kuwa ita ce "inondation", wato ruwan da ya taso daga waje ya bi ƙasa: tabki ya cika ya batse, ko ruwan sama ya malalo daga titi ya shigo ta ƙofa. A mafi yawan takardu ambaliya tana cikin abubuwan da aka keɓe, sai ka nema an ƙara ta a rubuce, ka biya kuɗinta. Ruwan 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni ya isa ya sa mutum ya nemi wannan ƙari.

Mu ɗauki misali. Kana da buhun shinkafa 40 a ƙasan shago, kowane jika 15, dukiyar jika 600 ke nan. An kwana ana ruwa, da safe ka tarar duk sun jiƙe. Mai kimanta ɓarna da kamfani zai turo zai fara da bango. In ya ga layin laka a tsayi ɗaya ciki da waje, ga yashi da ledoji a bakin ƙofa, maƙwabta ma abin ya shafe su, ambaliya zai rubuta. In ruwan garau ne, danshin ya fi yawa a gindin bango ɗaya, mita kuma tana juyawa alhali duk famfuna a rufe suke, bututu ne. To ko bututun ne, ba jika 600 za ka karɓa ba. Akwai kason da kai ke ɗauka, faranshis. In takardarka ta ce kashi 10 cikin ɗari, jika 540 za su zo hannunka. Gyaran bututun kansa galibi naka ne, fasa bango don neman inda yake yoyo kuma sai in an ambace shi. Wasu takardun ma suna sharɗanta a ɗora kaya a kan katako, kamar santimita 10 daga ƙasa. Buhun da ke kan siminti kai tsaye yana iya sa a rage kuɗin ko a hana.

Rigimar ta fi yawa a tsakiya. Ruwan sama da ya zubo ta rufi, ko indararo ya toshe ya mayar da shi ciki, sau da yawa yana shiga sashen farko, amma in kwanon ya daɗe da ruɓewa za a ce rashin gyara ne. Ruwan da ya shigo ta tagar da aka bari a buɗe ba a cika biya ba. Lambatu ya cika ya dawo da ruwa ta magudanar gida, wannan sashe ne na daban, ku neme shi da sunansa. Babban bututun titi kuwa, wanda ke kawo ruwa zuwa mita, ba na gininka ba ne, don haka ku tambayi wakilin kamfani ya amsa a rubuce. In ginin na ƙasa ne, ku faɗa tun farko. Ɓoye shi yana iya rage diyya ko ya soke yarjejeniyar.

Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara inshora a wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar ta ce sharɗin keɓewa ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffa fitattu. Saboda haka baƙaƙen layukan nan masu kauri su za ku fara karantawa. Dokar ta hana kamfani ba ka ƙasa da kwanaki 5 na aiki don sanar da ɓarna, amma kada ku jira. Ku rufe ruwa daga mita, ku ɗauki hoton layin bango da alƙaluman mita kafin a share, ku ajiye guntun bututun da mai gyara ya yanke tare da rasitinsa. Buhunan da suka lalace ku ɗaga su gefe, kada a zubar sai mai kimantawa ya ƙirga su.