Yadda Alhaji Sabo ya koya min rubuta maƙaryaci

Wata uku na yi ina fama da wani gajeren labari mai shafi 12 a ajin koyon rubutu da muke yi duk Asabar a nan Jos, kuma sai da na sake shi sau huɗu kafin malamarmu ta ce toh yanzu ka fara. Aikin da ta ba mu shi ne mu rubuta labari da bakin mutum ɗaya, irin na "na yi, na ce, na je", amma ta yadda mai karatu zai fara da yarda da shi, kafin ya kai ƙarshe ya ji zuciyarsa ta daina kwanciya da maganar mutumin. Ta ce wani malamin adabi ɗan Amurka, Wayne Booth, shi ya raɗa wa irin wannan mai ba da labari suna a 1961, wato mai labarin da ba a dogara da maganarsa. Ni kuwa a raina na ce ai mu mun daɗe da sanin wannan, tunda ko tatsuniya muka gama cewa muke ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Daga baya na gane ba ɗaya ba ne, mai tatsuniya shi da bakinsa yake faɗa maka ƙarya ce, wannan kuwa har ya tashi yana rantsuwa gaskiya ya faɗa.

Mutumin da na ƙirƙira sunansa Alhaji Sabo, dillalin dankalin turawa ne a Farin Gada, yana ba da labarin yaronsa Iliya da ya riƙe tun yana ƙarami, ya ci da shi ya sha da shi, a ƙarshe wai yaron ya sace masa buhunan dankali ya gudu. Gaskiyar da ke ƙasa kuwa ita ce Alhajin ya yi wa uban yaron alkawarin zai sallame shi da jari, shekaru suka yi ta tafiya bai sallame shi ba, da yaron ya matsa sai ya ɗora masa sata.

A rubutun farko na bar Alhaji yana ta zuba har shafi na 11 babu ko alama, sai a shafin ƙarshe matarsa ta tashi ta tona komai. Ni a ganina na yi bajinta. Malama ta karanta ta ajiye takardar ta ce, "Kai ne ka yi min ƙarya a nan, ba Alhaji Sabo ba." Ta ce in na koma baya na sake karantawa babu wuri ɗaya da zan nuna in ce ashe ga shi nan tun farko ban lura ba, kuma in babu wannan to wasa da hankalin mai karatu aka yi kawai. Na ji haushi ranar ba kaɗan ba, amma da na koma gida na duba haka ɗin ne. A na biyu sai na zarce, tun layin farko Alhaji yana cewa wallahi tallahi ni ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, kowa a ajin ya yi dariya suka ce ai wannan ɓarawo ne, shikenan labari ya mutu a shafi na 1, sauran shafi 11 jira kawai suke a tabbatar musu da abin da suka riga suka sani.

Abin da ya cece ni shi ne shawarar da ta ba ni cewa in ajiye labarin tukuna in ɗauki wata takarda daban in rubuta abin da ya faru da gaske, da shekara da lissafi, kamar ni ne zan ba da shaida gaban alƙali. Na rubuta: Iliya ya zo gidan a satin da aka haifi Hauwa'u ƴar Alhaji, shi ya ma riƙe ragon suna. Alkawarin sallama shekara 5 ne. Ya yi shekara 9. Buhun da ya ɓace guda 4 ne, kuma ruɓewa suka yi saboda motar da ta taso daga Bokkos ta lalace a hanya ruwa ya dake su. Wannan takardar mai karatu ba zai taɓa ganinta ba, amma duk ƙaryar da Alhaji zai yi daga jikinta nake aunawa, in ba haka ba ni kaina sai in rikice in manta wacce ce ƙaryarsa wacce ce kuskurena.

Daga nan na fara dasa abin da malama take kira tsaga, kamar tsagar bango da ba ka gani sai ka matso. A shafi 2 na farko ban sa ko ɗaya ba, na bar Alhaji ya zama mutumin kirki na gaske, yana ba da labarin yadda ya kai yaron asibiti da zazzaɓi ya kama shi cikin sanyin Disamba, ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa masa, kuma wannan ya faru, yana cikin takardar gaskiyata. Dole sai mai karatu ya ba shi amana kafin a samu abin da za a karya. A shafi na 3 ya ce yaron "bai fi shekara huɗu ko biyar a wurina ba". Sai a shafi na 6, yana cikin wata hira daban ta yabon kansa, ya ce "ranar sunan Hauwa'u ma shi na ba riƙon rago", can ƙasa kaɗan kuma Hauwa'u ta shigo da kayan makaranta tana cewa Baba an ce mu ƴan aji huɗu mu kawo kuɗin jarrabawa. Ban haɗa lissafin ba, na bar wa mai karatu. Duk wanda ya san yarinyar aji huɗu ta kai shekara 9 zai ɗan tsaya.

Amma inda na fi jin daɗin aikin shi ne wurin da na gano Hausa da kanta tana da hanyar gudun laifi, kuma kullum muna ji a bakin mutane ba mu lura. In abin yabo ne Alhaji cewa yake "na saya masa keke", "na biya kuɗin maganin", na na na. Da an zo wurin da hannunsa yake ciki sai "na" ta ɓace, sai ka ji "aka yi maganar sallama, aka ga lokaci bai yi ba", "aka ɗan taɓa shi", "aka kira ƴan sanda". Wa ya gani? wa ya taɓa? wa ya kira? Babu kowa, "aka" ce ta yi. Haka "wai", duk maganar da yaron ya faɗa sai Alhaji ya manna mata wai, "wai shi ya gaji", "wai babansa na yi wa alkawari". Ga sakin layin da malama ta ja wa layi da jan biro:

"Na ce masa Iliya zauna mu yi magana ta hankali. Ya ƙi zama, wai shi shekarunsa yake tambaya. To magana dai ta yi tsawo, aka yi abin da aka yi, bakinsa ya ɗan fashe. Ni na ma ba da kuɗin kemis."

Jimla huɗu, babu inda ya ce ya mare shi, kuma babu wanda ya karanta bai ji marin ba.

Sai kuma mutanen da ke kewaye da shi. Tunda da bakinsa ake jin komai, ba ni da damar in shigo in ce jama'a ƙarya yake, amma zan iya sa ya ba da labarin abin da wasu suka yi shi kuma ya fassara shi ba daidai ba. Ya kai ƙara wurin liman bayan sallar la'asar, liman ya saurare shi har ƙarshe ya ce "Allah ya kyauta Alhaji", ya ɗauki takalminsa. Alhaji ya ce mana "ka ga ko Malam abin ya ishe shi, ya rasa ma me zai ce kan yaron nan". Matarsa kuma tun ranar ta daina zama in yana cin abinci, shi kuwa ya ce ciwon kai ke damunta kwana biyu.

Matsalar da ban zata ba ta fito a gwaji. Malama ta ce in ba mutum 5 da ba ƴan ajinmu ba su karanta, kowa ya yi alama a shafin da ya fara jin wani abu game da Alhaji. Uku sun yi alama tsakanin shafi na 6 da na 8, wanda shi nake so. Amma wani abokina da ke aikin akanta ya kira ni ya ce malam ka yi kuskure fa, a shafi na 4 ka ce buhu 12 aka sace a shafi na 9 ka ce 20, ka gyara. Ya ga tsagar sarai amma ni ya ɗora wa, kuma da gaskiyarsa, don babu abin da ya nuna masa daga bakin Alhaji canjin ya fito. Gyaran da na yi ƙarami ne, na sa wani abokin kasuwarsa ya ce "Alhaji ba 12 ka ce min ba rannan?" shi kuma ya ce "12, 20, kai dai sata ai sata ce", ya juya maganar zuwa tsadar taki. Da zarar an ga ya lura kuma ya kauce, laifin ya tashi daga kan marubuci ya koma kansa. Rantsuwar nan ma da ta kashe min rubutu na biyu na dawo da ita, amma sau ɗaya tak, a shafi na 10, daidai inda babu wanda ya tuhume shi da komai.

Tonon asirin da matar ta yi a ƙarshe na cire shi gaba ɗaya. Yanzu labarin yana ƙarewa ne Alhaji yana cewa ya ji an ce Iliya yana dako a Bukuru, shi dai ya yafe masa duniya da lahira.

Mutum na biyar da ya karanta ƙanin babana ne, shi ma ɗan kasuwa, ya dawo min da takardun babu alama ko a shafi ɗaya. Na ce Baba ba ka ga komai ba? Ya ce ya gani mana, yaran yanzu haka suke, ka riƙe su su ci amanarka. Na kai wa malama ina tambaya ko in ƙara wata tsagar ne saboda irinsu, ta yi dariya ta ce kar in taɓa ko wasali ɗaya, in kawo na gaba ranar Asabar.