Janareton da ke rajista da wanda ke bayan ofis

A ɗan kamfaninmu na binciken asusu, ba na sa hannu a kan kadarorin dindindin sai wani daga cikinmu ya je ya gan su da idonsa. Muna ɗaukar rajistar kadarori, mu zaɓi masu tsada da waɗanda aka saya a bana, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan mu juya, mu tsinci wasu a wurin aiki mu neme su a rajista. Zagayen farko yana kama abin da aka rubuta alhali babu shi, na biyu kuma abin da ke nan amma ba a rubuta ba.

Sai dai gani kawai ba ya isa. Ma'aikaci zai nuna maka janareto yana ruri, ya ce ga shi nan. Ka durƙusa ka goge ɗan ƙarfen da ke jikinsa, ka karanta lambar injin, ka gwada da ta rasit. Yaran ofis ba sa son wannan saboda baƙin mai, amma nan aikin yake.

Wani janareto da muka duba, an saye shi miliyan 12, an ƙiyasta zai yi shekara 5 a sayar da shi miliyan 2. Ke nan miliyan 10 za a raba gida biyar, raguwar darajarsa miliyan 2 duk shekara. Bayan shekara uku saura miliyan 6 a littafi. A ƙarshen ta huɗu akanta ya sake cire miliyan 2, ya bar 4, lissafinsa tsaf.

Lambar ce ta ƙi haɗuwa. Ashe an sayar da tsohon a tsakiyar shekarar kan miliyan 4, an zuba kuɗin cikin kuɗin shiga. Da muka sake lissafi, raguwar wata shida miliyan 1 ce, darajarsa ranar sayarwa miliyan 5, saboda haka asarar miliyan 1 aka yi. Littafi ya shigar da miliyan 4 ya cire raguwar 2, ya ƙara wa riba miliyan 2 ke nan, a inda ya kamata a rage mata 2, raguwar 1 da asarar 1, wato an kumbura ta da miliyan 4, ga kuma kadarar miliyan 4 da babu ita.

Sabon da ke ruri kuwa, cikin kuɗin gyara muka tsinto shi. Muka ce a mayar da shi rajista, a fara masa lissafi daga ranar da aka gama girka shi, domin IAS 16, ƙa'idar lissafin kadarorin dindindin ta ƙasa da ƙasa, ta ce raguwa na farawa ne da zarar kadara ta shirya aiki, ko da ba a kunna ta ba. Shi ya sa takardar injiniyan da ya girka shi muka nema, ba rasit kaɗai ba.