Waƙafi ɗaya a kwangilar riɗi

A ƙarshen wannan wata zan bar ofishin fassarar da na yi wa aiki shekara huɗu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma tun da na fara kwashe takarduna daga aljihun tebur nake ta komawa kan shafi guda, wato taƙaitaccen bayanin wata kwangilar riɗi da na gyara a shekarata ta biyu. Shafin nan shi ya ci mini rabin albashin wata, shi ne kuma ya sauya yadda nake karanta duk abin da inji ya fassara.

Wani Alhaji da ke sayen riɗi a ƙauyuka ne ya ƙulla ciniki da wani kamfani a Kano. Lauyansa ya rubuta kwangilar da Faransanci, mutanen Kano kuwa suka nemi a aika musu da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Ingilishi kafin su tura kuɗin kafin alƙalami. Maigidan ofishinmu ya zuba taƙaitawar ta Faransanci a inji kamar yadda ya saba, ya turo mini abin da ya fito, ya ce in duba in mayar masa kafin la'asar. A layin da ke faɗin yawan kaya, Faransancin ya ce `37,500 t`, Ingilishin da inji ya fitar shi ma ya ce `37,500 t`. Na kalli dama, na kalli hagu, na ga lamba ta yi daidai da lamba, na wuce.

Duk wanda ya yi makaranta a ɓangaren Faransanci ya san cewa waƙafi a cikin lamba shi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, dubbai kuma da ɗan fili ake raba su. Saboda haka abin da lauyan ya rubuta shi ne tan 37 da rabi, kaya na babbar mota guda, sifilin nan biyu na ƙarshe kuma sun zo ne domin masu awo suna rubuta nauyi har zuwa kilo. A Ingilishi al'amarin a juye yake: ɗigo ne ke raba ɓurɓushi, waƙafi kuma shi ke raba dubbai. Akawun kamfanin Kano ya buɗe takardata ya karanta tan dubu 37 da 500. Da a ce `37,5` aka rubuta, da ido ya tsaya a kai, domin ba a rubuta dubbai haka a Ingilishi. Lambobi uku bayan waƙafi su ne tarkon, tunda adadin yana karantuwa lafiya lau a harsunan biyu, sai dai ma'ana ɗaya ta ninka ɗayar sau dubu.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne amsar tana cikin shafin, layi biyu a ƙasa. An rubuta farashin tan ɗaya sefa 800,000, jimillar kuɗin kuma miliyan 30. Da na ɗauki wayata na ninka 37 da rabi sau 800,000, da na samu miliyan 30 cif. Da kuma na ninka adadin kamar yadda mai karatun Ingilishi zai karanta shi, da na samu biliyan 30, kuɗin da Alhajin bai taɓa mafarkin riƙewa ba. Lissafin bai kai minti ɗaya ba, amma ban yi shi ba, domin a lokacin ina ɗaukar kaina mai aikin kalmomi, lambobi kuma abin kwafewa ne kawai. Manhajar da muke aiki da ita ma ta ƙara mini ƙwarin gwiwa, don tana da wurin binciken lambobi, kuma bai nuna mini komai ba. Daga baya na fahimci dalili: yadda aka saita shi a ofishinmu, abin da yake dubawa shi ne ko lambobin asali sun bayyana a fassara, to ga su sun bayyana harafi da harafi. Da na gyara na rubuta `37.5 t`, wataƙila ma a lokacin ne zai yi mini ƙorafi.

Mutanen Kano ba su kira don neman bayani ba. Sun ga yawan kaya da jimillar kuɗi ba su haɗu ba, suka yi zargin ko dai Alhaji bai san abin da yake sayarwa ba ko kuma akwai wata maƙarƙashiya, suka dakatar da biyan kuɗin, suka ce sai lauyansu ya ga cikakkiyar kwangilar an fassara ta da hannu. Aka ɗauki kusan mako uku ana wannan. A cikin makonnin nan riɗi ya tashi a kasuwa, Alhaji kuma ya riga ya yi alkawarin farashi, don haka abin da ya rage bai saya ba ya saye shi da tsada.

Ranar da ya zo ofis bai ɗaga murya ba. Ya zauna, ya ajiye takardar a gabana, ya sa yatsa a kan lambar, ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma na san mota nawa na ɗauko. Ku da kuka yi, mota nawa kuka rubuta mini?" Ban sami abin cewa ba sai haƙuri da na yi ta ba shi. Maigida kuwa, a gaban baƙo, ya ce ai ya sha gaya mini in riƙa natsuwa, kuma za a cire daga albashina.

Laifin nawa ne, ban taɓa musu ba. Amma tunda tafiya zan yi, bari in faɗi sauran. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan gyaran fassarar inji, ISO 18587 ta shekarar 2017, wadda ta bambanta gyara na sama-sama, wanda burinsa a fahimci saƙo kawai, da cikakken gyara, wanda ake so ya kai matsayin fassarar ɗan Adam. Maigida yana karɓar kuɗin cikakken gyara a wurin masu kawo aiki, yana biyanmu kuɗin na sama-sama, lokacin da yake ba mu kuma na sama-saman ne. Kullum maganarsa ita ce, "Inji ya riga ya yi aikin, kai dubawa kawai za ka yi." Ranar kwangilar riɗi takarda shida ya turo mini tsakanin azahar da la'asar, kuma cikakkiyar kwangilar ba ta cikin abin da ya turo, taƙaitawar ce kaɗai. Babu na biyu da ke duba aiki bayana, domin wanda yake yi a da an sallame shi watan da aka fara amfani da inji.

Bayan tafiyar Alhaji na zauna na sake karanta shafin tun daga sama, ina tsoron abin da zan tarar, na kuwa tarar da kuskure na biyu wanda babu wanda ya lura da shi. Faransancin ya ce mai saye zai iya neman a sake auna kaya `éventuellement`, wato idan buƙata ta taso, inji kuma ya mayar da ita `eventually`, wadda ke nufin a ƙarshe lallai za a yi. Abin da yake zaɓi ya koma wajibi. Irin waɗannan kalmomi ne Hausawa suka gama magana a kansu da suka ce kama da wane ba ta wane: fuskarsu ɗaya a harsunan biyu, ma'anarsu daban. A kwangila wadda ta fi yawan fitowa ita ce `délai`, wato wa'adin da aka ɗiba, sai ta fito `delay`, wato jinkiri, har layin da ke cewa wa'adin kawo kaya kwana 30 ne ya zama kamar an yarda a makara da kwana 30. Haka `caution`, wadda a Faransancin shari'a take nufin mai tsayawa ko kuɗin jingina, a Ingilishi kuma gargaɗi ce ko taka-tsantsan.

A yi wa inji adalci, a cikin cikakkiyar jimla yawanci yana samun waɗannan kalmomi daidai, kuma wannan ne ma ke sa mutum ya saki jiki. Inda yake tuntuɓe shi ne a taƙaitawa, domin taƙaitawa gutsattsarin layuka ce da ƙananan akwatunan jadawali, kalma biyu ko uku ba tare da abin da ke gabansu da bayansu ba. Ingilishin kuma yana fitowa sumul, babu gargada, kunne ba ya jin komai. Shi ya sa na daina fara karatu daga fassara. Sai na karanta layin Faransanci, na faɗa wa kaina ma'anarsa da Hausa, wa zai yi me, nawa, zuwa yaushe, dole ne ko zaɓi, sannan in duba ko Ingilishin ya faɗi haka. Hausar ce ke fasa kamannin, domin "wa'adi" da "jinkiri" ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Lambobi kuwa na raba su da kalmomi gaba ɗaya. Ina yi musu zagaye na daban bayan na gama da rubutu, in kwashe kowane adadi a takarda da biro, in karanta shi da baki yadda mutumin Kano zai karanta, in ninka duk abin da ke ninkuwa. Mu nan bai kamata a koya mana wannan ba, mu da muke zuwa kasuwa a ce mana dala 100 mu miƙa sefa 500 ba tare da tunani ba, kuma mun san ɗan Njamena da riyal yake yin irin wannan ƙirga. Mun saba da cewa adadi ɗaya yana da karatu biyu, sai dai da muka hau kwamfuta muka manta.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. `milliard` shi ne biliyan, `billion` na Faransanci kuma tiriliyan ne. `jours ouvrables` da `jours ouvrés` duk ranakun aiki ne, amma na farko yana haɗawa da Asabar, na biyu ba ya haɗawa, inji kuma yakan ba su fassara ɗaya, alhali kwana 30 na farko mako biyar ne, na biyun mako shida. Idan `HT`, wato ban da haraji, ko `TTC`, wato har da haraji, ta faɗi daga gefen kuɗi, to harajin kashi 19.25 cikin 100 ne ya shige ko ya fice ba a sani ba. Ba na kuma taɓa taƙaitawa sai cikakkiyar kwangilar tana buɗe a gefena, ko da maigida zai yi tsaki.

A watan jiya wata kwangilar jigila ta zo, inji ya bar tarar jinkiri `1,000 %` a kowace rana yadda take, wato kashi ɗaya cikin 100 ya zama kashi dubu. Na gyara, na mayar da aikin minti ashirin bayan lokacin da aka ba ni. Maigida ya kira ni ya yi mini faɗan minti ashirin ɗin, ban ce masa komai game da tarar ba. Yarinyar da za ta karɓi teburina ta fara zuwa tun Litinin, na bar mata kwafin shafin riɗin a aljihun tebur na sama, na zagaye lambar da jan biro, na rubuta lissafin biyu a gefe.