Minti Biyar a Gaban Lasifika

Saura mako uku a yaye mu 'yan ajinmu suka ɗora mini jawabin bankwana. Ba don na fi kowa ƙoƙari ba, ni ne dai mai bakin aji, sai suka ɗauka wanda ya iya ba mutum goma dariya a bayan aji zai iya tsayawa gaban ɗaruruwa. Ni ma haka na ɗauka. Malamin da ke shirya taron ya kira ni ya ce, "Minti biyar gare ka. Ka wuce, in sa a kashe lasifika." Na ce masa ai ko uku ma sun ishe ni.

Daren nan na zauna na rubuta kalma 1,400. Da safe na kunna agogon waya na karanta da ƙarfi, sai ga minti goma sha ɗaya da 'yan daƙiƙu. A nan na gane cewa ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba. In ina karantawa yadda na ƙarshen zaure zai ji, bakina ba ya wuce kalma 125 a minti ɗaya. Ke nan minti biyar kalma 625 ce, kuma daga ciki sai an ware wa dariya da tafi kamar daƙiƙa arba'in. Abin da ya rage mini bai fi kalma 550 ba, wato shafi ɗaya da ɗan ƙari. Fiye da rabin abin da na rubuta sai ya tafi.

Yayata na fara karanta wa, don ba ta jin kunyar gaya mini gaskiya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, an gama kiran sunan? Sai a fara jawabin." Malamai 23 na jera, kowa da muƙaminsa, kowa da "mai girma" a gaba. Ta karɓi takardar ta nuna mini inda na rubuta cewa muna godiya ga malamanmu masu daraja da suka sadaukar da lokacinsu don ganin mun zama abin alfahari. Ta ce, "Goge sunan makarantarku ka sa na wata. Wa zai gane?" Na ce, "Yaya, ai haka kowa yake faɗa." Ta ce shi ya sa ba wanda yake saurara.

Wannan sakin layi na malamai shi ya fi cinye mini lokaci, sau uku na sāke shi. Bayan Yaya ta kushe na farko sai na koma can ɗaya gefen, na mai da shi wasa tsantsa. Muna da wani malamin ƙididdiga da ke kulle ƙofa da zarar lokacin darasi ya yi, kuma na iya kwaikwayon muryarsa ƙwarai, har da yadda yake jan "ku fita". Na cika sakin layin da wannan. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, da ta gama ta tambaye ni ko iyalinsa za su zo taron. Na yi shiru. Abin da ya dace da bayan aji, inda mai abin ba ya nan, ya zama cin fuska in aka yi shi a kan mumbari, mutum yana zaune gaban abokan aikinsa da 'ya'yansa ba halin ya rama.

A karo na uku na bar ƙofar a ciki, amma na juya wasan ya faɗo kanmu. Ga yadda ya fita:

"Akwai malamin da ya koya mana gudu ba tare da ya taɓa kai mu filin wasa ba. Ƙofarsa tana rufuwa takwas da minti biyar. Na san wasu a nan da suka yi zangon karatu guda suna ɗaukar darasinsa ta taga. Ba zan kama suna ba, tunda ina cikinsu. Amma ranar da ya dawo mini da kundina karo na huɗu, na buɗe shafi na 41 na ga ya gyara mini lamba ɗaya a cikin jadawali mai layi talatin. Ni da na rubuta ban gan ta ba. Malam, sai ranar na san ashe karantawa kake yi, layi bayan layi, mu 86. Mun gode."

Abin da ya sa wannan ya zauna shi ne dariyar da godiyar daga labari ɗaya suka fito. Tsananin da muka yi wa dariya a farko shi ne muka gode wa a ƙarshe, don haka ba a ji wani tsalle tsakanin wasa da zancen gaske ba. Da farko na zaci daidaita su yana nufin in yi raha minti biyu, in gyara murya, in shiga godiya minti uku. Na gwada, sai ya zama kamar mutum biyu ne suka rubuta. Kuma wasan ne ya kamata ya riga: in an yi dariya an saki jiki, maganar gaske tana samun wurin sauka. In aka juya, mutum ya faɗi abu mai nauyi sannan ya bi shi da raha, kamar ya janye abin da ya faɗa ne.

Wancan "takwas da minti biyar" ma ba nawa ba ne. Na je ofishinsa neman izini, na karanta masa sakin layin ƙafafuna suna rawa. Bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Gyara. Ba takwas nake rufewa ba, takwas da minti biyar. Ina ba ku minti biyar." Na ce, "To, Malam, a bar shi?" Ya ce, "In lambar ta yi daidai."

Neman izinin nan ya cece ni a wani wurin. Na shirya tsokanar wani ɗan ajinmu da ya yi suna wajen barci, duk darasin rana kansa yana kan tebur. Kowa ya san zancen, shi ma yakan yi dariya in an yi. Da na same shi na ce zan sa, sai ya ɗan yi jim ya ce in sa mana, ba komai. Jim ɗin nan ne bai kwanta mini ba, na matsa. Ashe shekara biyu yana aikin dare don ya biya wa kansa karatu, kuma mahaifiyarsa ba ta sani ba, ga shi za ta zo. Na cire. Tun daga ranar, in na nemi izinin wani wasa, ba "eh" ɗin nake saurara ba, saurin fitowarta nake saurara.

Wajen iyali kalma ɗaya ce ta kusa kayar da ni. Na rubuta "iyayenmu da ke zaune a nan", alhali akwai wadda mahaifinta ya rasu muna shekara ta uku, akwai wanda kawunsa ne ya ɗauki nauyinsa, akwai wadda mijinta ne. Na mai da shi "duk wanda ya riƙe mu har muka kawo yau, da wanda ke cikin zauren nan da wanda Allah bai nufa ya gani ba". Sannan na ba da abu ɗaya tak daga gidanmu: kullum in na kira Mama da zancen jarrabawa, ba ta tambayar sakamako, sai ta ce na samu barci kuwa? Nawa ne labarin, amma na san kowa zai sa muryar nasa a wurin.

Wannan layin ba na iya wuce shi ba tare da murya ta shaƙe ba. Na yi ta maimaita shi a ɗaki da ƙarfi, sau goma sha wani abu, har ya ɗan yi sanyi. Na buga jawabin da manyan haruffa, kowane layi daidai numfashi ɗaya, na ja jan layi a inda zan dakata wa dariya, na rubuta a gefen layin Mama: kalli bango.

Ranar taron, zancen ƙofa ya tashi zauren. Sai dai tsoron shiru ya sa ban tsaya a jan layina ba, na ci gaba ana tsaka da dariya, jimlar taga ta nutse, na gaba-gaba kawai suka ji. Da na jira daƙiƙa uku da ta samu tata dariyar. Sai kuma wasan da na fi ji da shi, wani laƙabi da muke kiran zaurenmu na darasi da shi. 'Yan aji suka fashe a kusurwarsu, sauran zauren, wanda ya ninka su sau huɗu, suka yi tsit suna kallon juna. Daga kan mumbari ana ganin wannan rabuwa sarai, kuma ba daɗi. Yaya ta riga ta ce ba ta gane shi ba, na ce ai ba don ita na rubuta ba. Alhali mafi yawan masu saurarona irinta ne. Duk wasan da sai an yi shekara huɗu tare kafin a gane shi, ko dai a ba shi jimla ɗaya ta bayani, ko a ajiye shi sai an keɓe.

Da na zo layin Mama, ban kalli bango ba, ita na kalla. Murya ta ɗauke. Na tsaya kamar daƙiƙa goma, a wurina kamar awa guda. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne ban ba da haƙuri ba, ban kuma rufe da wasa ba. Na ja numfashi na sāke ɗaukar layin daga farkonsa. Ba wanda ya yi motsi.

Kuskuren da har yanzu yake ci mini rai ba ya cikin takardar. Ganin abin yana tafiya, sai daɗi ya kwashe ni, na ƙara sunan malamai uku da ka. Labarin malami ɗaya yana tsaya wa sauran duka, ba mai jin an bar shi. Da zarar an kira uku kuwa an buɗe jeri, kuma jeri yana da wanda ba ya ciki. Bayan an tashi na haɗu da malamar da ta kula da ajinmu tun shekarar farko, wadda ta sha shiga tsakaninmu da hukumar makaranta. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana, Allah ya yi albarka." Ba ta ƙara komai ba. Washegari na rubuta mata wasiƙa da hannu, shafi biyu, ta fi jawabin tsawo.

Malamin ƙididdiga kuwa a bakin ƙofa ya tare ni, ya duba agogonsa ya ce, "Minti shida da daƙiƙa ashirin." Na ce, "Malam, ai dariya ce ta ci sauran." Ya ce, "Da sai ka sa ta cikin lissafi." Sannan ya miƙo mini hannu, ya daɗe bai saki ba.