Kafin ka miƙa sitatimen ɗin wayarka a matsayin shaidar samu

Lokacin da na fara neman rance don faɗaɗa sana'ata, an ce in kawo sitatimen na wata uku daga asusun kuɗina na waya. Na sauke na kowane wata daban, na kwafe su cikin jadawali ɗaya a kwamfuta, na tara duk abin da ke ɓangaren kuɗin da suka shigo. Jimilla ta ba ni 612,000. Na raba uku, na rubuta a fom cewa ina samun 204,000 a wata, na sa hannu ina jin daɗi. Bayan mako biyu jami'ar da ke duba takardun ta kira ni, ta ajiye sitatimen a gabana, ta ja layi a wuri huɗu. Ta ce, "Malam, waɗannan ba samu ba ne." Ban yi niyyar ƙarya ba, amma a kan takarda wanda ya yi kuskure da wanda ya yi ƙari da gangan kamarsu ɗaya.

Ƙannena, abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sitatimen ba ya rubuta samu, motsin kuɗi yake rubutawa. Duk abin da ya taɓa asusunka ta hanyar shigowa, a wannan ɓangaren zai zauna, ko da kuɗinka ne ya fita ya dawo.

Layi na farko da ta nuna mini 45,000 ne. Ni na tura wa mai kawo mini kaya, aka cire daga asusuna, amma bai isa gare shi ba. Washegari kuɗin ya dawo, aka rubuta Reversal a gefensa, ya shiga sahun kuɗin shigowa kamar wani ne ya biya ni. Wannan shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, domin alat na gaske ka gani, kuma ragowar kuɗinka ta ƙaru da gaske. Yadda ake gane shi ba wuya. Duk inda ka ga Reversal ko Reversed ko Refund, koma sama ka nemi fitar kuɗi mai adadi iri ɗaya cikin kwanakin da suka gabata. Sau da yawa bayanin layin yana ɗauke da lambar cinikin farko. Wani lokaci kuma cajin turawa yakan dawo a nasa layin daban, ɗan ƙaramin adadi da ido ke tsallakewa. In ka samo abokin tafiyarsa, ka soke su biyun daga lissafinka, domin babu abin da ka samu, babu abin da ka kashe.

Na biyu 30,000 ne da ya bayyana sau biyu a rana guda, tsakaninsu minti huɗu, daga kwastoma ɗaya. Sabis ya yi masa nauyi, bai ga saƙon tabbaci ba, sai ya sake turawa. Duka biyun sun shigo, ni da kaina na mayar masa da ɗaya da yamma, sannan na manta. Na uku kuwa 27,000 ne, shi ma sau biyu, amma labarinsa daban. Da nake sauke sitatimen, na wata na biyu ya fara daga ranar da na farko ya ƙare, don haka cinikin da na yi a wannan rana, wanda shi kaɗai ne, ya shiga jadawalina sau biyu.

A nan ya kamata ku tsaya ku fahimci bambancin, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Kowane ciniki yana da lambarsa, wadda ake rubutawa ƙarƙashin Transaction ID ko Reference ko Receipt No., gwargwadon kamfanin. Idan layi biyu suna da adadi ɗaya da lamba ɗaya, ciniki ɗaya ne aka maimaita rubutawa, kuɗi sau ɗaya ya shigo. Idan adadi ɗaya ne amma lambobin sun bambanta, to kuɗi sau biyu ya shigo da gaske, sai ka tambayi kanka: kaya biyu na sayar, ko mutumin ne ya biya sau biyu? Takarda ba za ta amsa maka wannan ba, littafin cinikinka ne zai amsa. Kada kuma tsoro ya sa ka soke duk abin da ya yi kama da juna. Mai biyanka adadi ɗaya kowane mako ba maimaici ba ne.

Akwai lissafi guda da da na yi shi, da na kama 27,000 ɗin nan tun a gida. Ka ɗauki kuɗin da ke asusun a farkon sitatimen, ka haɗa da duk abin da ya shigo, ka cire duk abin da ya fita. Dole amsar ta yi daidai da ragowar da ke ƙarshe. Nawa ya fara da 20,000, shigowa 612,000, fita 570,000, wato ya kamata a samu 62,000. Ragowar da ke kan takardar kamfanin 35,000 ce. Gibin 27,000 cif. Wannan lissafin kuma yana kama layin da aka rubuta Failed ko Pending wanda ka ƙirga alhali bai motsa ragowar kuɗi ba. Amma fa yana da iyaka: ba zai kama kuɗin da ya fita ya dawo ba, ko wanda ya shigo ka mayar, saboda ƙafafun biyu suna nan, lissafi zai daidaita lafiya lau. Waɗannan sai an bi layi-layi da ido.

Na huɗu shi ya fi ba ni kunya. 18,000 ya shigo a ranar ƙarshe ta wata na uku daga lambar da ban sani ba, na ɗauka wani mai bashina ne. Ashe kuskuren lamba aka yi, mai kuɗin ya kai ƙorafi, aka janye shi ranar 3 ga wata na gaba. Janyewar ta faɗo bayan wa'adin sitatimen ɗina, don haka babu alamarta a cikin abin da na miƙa. Jami'ar ta gani ne saboda ta nemi sabon sitatimen da ya kai ranar da muke magana. Tun daga nan, in zan ba da na wata uku, sai na duba na mako biyun da suka biyo baya, ko da ba zan miƙa shi ba.

Da aka cire huɗun nan, 120,000 ke nan, samuna ya koma 492,000, wato 164,000 a wata. Wannan adadin ma da ya isa a ba ni abin da na nema. Abin da ya jawo mini jinkiri shi ne bambancin da ke tsakanin fom da takarda, domin daga nan sai da aka bi kowane layi da tambaya.

Da na sake nema, na sauke sitatimen guda ɗaya na dukan wa'adin daga manhajar, PDF kamar yadda ya fito, ban taɓa ko harafi ba. Kada wani ya ba ku shawarar goge layin da ya lalace don takarda ta yi kyau. Ragowar kuɗi a kowane layi tana dogara da na samansa, gibin zai fito, kuma sauya sitatimen jabu ne ko da layin da ka goge bai da amfani. Abin da na yi shi ne na haɗa shafi guda daban: kwanan wata, adadi, lambar ciniki, lambar abokin tafiyarsa, da dalili a jimla ɗaya. A ƙasa na rubuta jimillar shigowa, abin da na cire, da abin da ya rage, kuma wannan adadin na ƙarshe shi na sa a fom. A wannan karon har da 10,000 da na turo wa kaina daga asusuna na banki na cire, tun kafin a tambaye ni.