Yadda na zana layin shekaru na 1914 zuwa 1945 don darasin tarihi

Darasin a kan abin da ya wakana tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ne. A zanen farko na ja dogon layi a kwali, na jera abubuwa goma sha biyu, na bar tazara iri ɗaya tsakanin kowanne da na gaba da shi. Ya yi kyau a ido. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan Mussolini na hawa mulki sai tattalin arzikin duniya ya karye?" Mussolini ya hau mulkin Italiya a 1922, kasuwar hannun jari ta New York kuma ta faɗi a 1929. Shekara bakwai ne tsakani, amma a kwalina tazararsu ɗaya da ta 1938 da 1939. Yarinyar ta karanta zanen daidai, zanen ne ya faɗa mata abin da ba haka ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

A nan na gane cewa shekaru ake ba tazara ɗaya, ba abubuwan da suka faru ba. Na sake sabon kwali. Maimakon in fara daga 1914, sai na ɗauki 1910 zuwa 1950, shekara 40 cif, don lissafi ya yi sauƙi. Na ja layi mai tsawon santimita 80, kowace shekara ta samu santimita 2. Wurin kowane abu kuwa, a cire 1910 daga shekararsa, a ninka abin da ya rage sau biyu. Shekarar faɗuwar kasuwa, wato 1929, ta fara a santimita 38, hawan Hitler mulki a 1933 ta sauka a 46, shekarar 1939 kuma ta fara a 58.

Akwai wani ɗan tarko a nan. Shekara 40 tana buƙatar alama 41, domin gibin da ke tsakanin alamomi shi ne shekara, ba alamar kanta ba. Idan ka sa 1910 a kan santimita 2 maimakon sifiri, komai zai goce da shekara guda. Hanyar ganewa ita ce a duba tsakiya: dole 1930 ta zauna a kan santimita 40. Da fensir na fara sa alamun duka, sai da na tabbatar da wannan kafin na bi da alƙalami.

Da ma'auni ya daidaita, sai wata matsalar ta taso. Daga 1922 zuwa 1929 fili ne kusan wayam, amma ƙarshen shekarun 1930 ya cunkushe. Jamus ta haɗe Austriya a Maris 1938, an yi yarjejeniyar Munich da ta ba Jamus wani yanki na Czechoslovakia a Satumba, sojojin Jamus sun shiga Prague, babban birnin Czechoslovakia, a Maris 1939, Jamus ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Soviet a Agusta, sannan aka afka wa Poland ranar 1 ga Satumba. Abu biyar ke nan cikin kusan santimita 3, na ƙarshen biyu ma ɗigonsu ya hau kan juna. Zuciyata ta raya mini in ɗan faɗaɗa wurin, amma hakan komawa gidan jiya ne. Cunkoson nan ai shi ne darasin: abubuwa sun riƙa bin juna ba hutu.

Abin da na yi shi ne na rufe ɗigon biyar da baka guda, na rubuta musu suna ɗaya a sama, "Hanyar zuwa yaƙi". Daga bakan na ja layi biyu zuwa ƙasan kwalin, inda na zana wani ƙaramin layi na 1938 da 1939 kaɗai, kowane wata santimita 2, tsawonsa 48. Na rubuta ma'auninsa ɓaro-ɓaro a gefe, don kada ɗalibi ya ɗauka ma'auninsu ɗaya da babban layin. Haka na yi wa 1918 zuwa 1920: tsagaita wuta, yarjejeniyar Versailles da kafa Ƙungiyar Ƙasashe suka shiga baka ɗaya mai suna "Shirin zaman lafiya". Ba kusancin shekara kaɗai nake dubawa ba kafin in haɗa rukuni, sai in har wani abu ya jawo wani. Shi ya sa na bar juyin juya halin Rasha na 1917 shi kaɗai, ko da yake yana maƙwabtaka da su.

Abin da ya ɗauki shekaru kuma ban ba shi ɗigo ba. Yaƙe-yaƙen biyu da yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 duk na zana su kamar sanda a ƙarƙashin layi, tsawon kowace daidai da daɗewar yaƙin.

Washegari na ba ɗalibai rula, na ce su auna daga ƙarshen sandar yaƙi na farko zuwa farkon ta biyu. Suka samu santimita 41 da rabi da ɗan ɗoriya, suka raba biyu, da kansu suka ce shekara 21 ba kaɗan.