Wa ya riƙe takin Bokkos?

Aikina ne duba rahoton wata-wata a wani kamfanin kayan noma da ke Jos kafin ya hau teburin manaja. A na watan Afrilu, yaron da ke rubuta mana ya kawo wannan:

"An samu jinkiri wajen gudanar da aikin kai buhu 200 na taki zuwa Bokkos, wanda aka tsara za a yi ranar 8 ga wata, sakamakon rashin sa hannu a takardar fitar da kaya da aka gabatar, lamarin da aka shawo kansa daga baya."

Hausar ba ta karye ba, amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Ga shi damina ta kama, manoman dankali na jiran taki, kuma manaja ba zai san wanda zai kira ba.

Na ɗauki jan biro na zagaye kowane "an", "aka" da "za a", wuri biyar ke nan, na rubuta "wa?" a kansu. Na ce, "Ƙanena, wa ya gabatar da takardar?" Ya ce, "Mai kula da sito ne, Yaya." Wa bai sa hannu ba? Shiru. Sai da ya sauka ƙasa ya buɗe fayil, ya tarar akanta ne, ya yi tafiya bai bar wa kowa aikin ba. Sau da yawa mai rubutu kan laɓe a bayan "an" ne don shi ma bai bincika ba.

Daga nan muka yanka jimlar a gaɓoɓinta, wato "wanda", "sakamakon" da "lamarin da". Muka zubar da "gudanar da aikin kai", tunda "kai" kaɗai ya isa. "Daga baya" kuwa muka nemo ranarta. Ga abin da ya fito:

"Mai kula da sito ya miƙa takardar fitar da kaya ranar 6 ga Afrilu. Akanta ya yi tafiya, bai sa hannu ba sai ranar 11. Direba ya kai buhu 200 Bokkos ranar 12, maimakon ranar 8."

Yaron ya ɗan ji nauyi, wai kamar ya kai ƙarar babba. Na ce ya rubuta muƙami ban da suna, ya faɗi abin da ya faru, kada ya ƙara "saboda sakaci".

Wuri ɗaya na bar masa "an" ɗinsa: "An yage buhu uku a sito." Ba wanda ya ga mai yagewar, kuma sa mutum a nan ƙazafi ne. Sai dai na sa ya ƙara cewa mai gadi ne ya gan su da safiyar ranar 15, ya sanar da mai kula da sito.